Agogona ya ce VO2 max ɗina ya faɗi daga 50 zuwa 45, shin na lalace ne?

Tambaya: Malam barka da aiki. Shekarata 35, ina gudu sau huɗu a sati a nan Kano. Agogona na Garmin yana nuna min VO2 max 50 tun lokacin sanyi, amma da zafi ya shigo sai ya gangaro 45 alhali ban rage komai ba. Kuma abokina nasa 54 yake nunawa amma kullum ni nake tsere masa a kilomita biyar. Wai ta ina agogon yake samo lambar nan, kuma a yarda da ita?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Fara kwantar da hankalinka, agogon nan bai taɓa auna iskar oksijin ɗin da kake sha ba ko sau ɗaya, ba shi ma da abin da zai auna ta da shi. Abu biyu kawai yake gani a jikinka, bugun zuciyarka da saurin da kake tafiya, sauran duk lissafi ne da kintace. In ka gane lissafin, da kanka za ka ga inda maki biyar ɗin nan suka shige.

Ainihin gwajin a ɗakin bincike ake yinsa. A ɗora ka kan injin gudu, a rufe maka hanci da baki da wani takunkumi mai tiyo, na'ura tana auna iskar da ka shaƙa da wadda ka fitar, ana ƙara sauri kaɗan kaɗan har ka kai inda ko an ce a ba ka miliyan ba za ka iya ƙara taku ɗaya ba. Oksijin mafi yawa da jikinka ya iya ɗauka a minti ɗaya, in aka raba da nauyinka, shi ne VO2 max. Wato 50 ɗin nan na nufin mililita 50 na oksijin ga kowane kilo na jikinka a kowane minti. Tun wajen 1923 wani Bature A. V. Hill ya bayyana cewa akwai wannan iyakar, ba sabon abu ba ne, sabon kawai shi ne ƙoƙarin samo ta ba takunkumi ba wahala.

To ta yaya agogo yake kewaye wannan? Da hujja biyu. Ta farko, gudu a ƙasa shimfiɗaɗɗiya yana da kuɗinsa na oksijin wanda kusan an sani, kamar yadda ka san babur ɗinka lita nawa yake sha daga nan zuwa Wudil. Ta biyu, bugun zuciya yana hawa kusan a miƙe tare da oksijin ɗin da jiki yake ci, domin jini ne yake ɗaukar oksijin ɗin ya kai wa tsoka, in tsoka ta nemi ƙari dole zuciya ta ƙara bugawa. Saboda haka in na san oksijin nawa saurin nan naka yake ci, na kuma san kashi nawa na ƙarfin zuciyarka ka kashe a kai, sai in ja layi in ce to da zuciyar ta kai ƙarshenta da ga inda oksijin ɗin zai kai. Shikenan dabarar. Garmin yana amfani da lissafin wani kamfanin Finland mai suna Firstbeat, Garmin ɗin ma ya saye ɓangaren lissafin nasu a 2020, kuma nasu ya fi wanda zan nuna maka tsefewa, yana zubar da wuraren da bugun ya rikice ko ka tsaya a danja, amma ƙashin bayan abin ɗaya ne.

Bari mu yi da alƙaluma, zan ɗauka bugunka na hutu 60 ne, kana gudun minti 6 a kilomita, agogo yana nuna bugu 150. Minti 6 a kilomita kusan mita 167 ke nan a minti. Akwai wani tsohon lissafi na ACSM, ƙungiyar masana lafiyar wasanni ta Amurka, da ake koyarwa a aji, na gudu a wuri mara hawa:

```
VO2 = 0.2 x 167 + 3.5 = 36.9
```

Wannan 3.5 ɗin shi ne abin da jiki yake ci ko kana zaune, sauran kusan 33.4 shi ne kuɗin gudun kansa. Yanzu sai zuciya. Agogo yana buƙatar ya san iyakar bugunka, in ba ka faɗa masa ba sai ya fara daga kintacen shekaru, irin 220 a cire shekarunka, wato 185. Tsakanin 60 na hutu da 185 na ƙarshe akwai tazarar 125, kai kuma a 150 ka ci 90 daga ciki, kashi 72 cikin ɗari ke nan. To in kashi 72 ya sayi 33.4, kashi ɗari zai sayi nawa?

```
(150 - 60) / (185 - 60) = 0.72
33.4 / 0.72 + 3.5 = 49.9
```

Ka ga 50 ɗinka ta fito, ba tare da an auna ko numfashi ɗaya ba.

Yanzu kawo watan Afrilu, rana ta buɗe, ko da asuba ma garin ɗumi yake. Jikinka dole ya tura jini mai yawa zuwa fata don ya fitar da zafi, ga gumi yana rage ruwan da ke cikin jinin, sai kowane bugu ya zama yana tura jini ƙasa da na da, zuciya kuma ta rama da ƙara yawan bugun. Gudun minti 6 ɗin nan dai, hanyar nan dai, amma yanzu bugun 160 ne. Sake lissafin: 100 cikin 125 kashi 80 ne, 33.4 a raba da 0.8 a ƙara 3.5, ya ba ka 45 da ɗan kai. Daidai faɗuwar da ka gani. Bugu goma kacal suka cinye maki biyar, kuma babu abin da ya samu zuciyarka ko huhunka, agogon ne ya ga kana biyan bugu mai yawa a kan sauri ɗaya sai ya ce ai ka yi rauni. Wasu agogunan Garmin suna da gyaran zafi da ke fara aiki in yanayi ya wuce digiri 22, da gyaran tsauni in an haura mita 800, irin wanda ke gudu a Jos, amma na zafin daga rahoton yanayi na wayarka yake ɗauka, kuma a abin da nake gani wajen masu gudu baya cike giɓin zafi irin namu gaba ɗaya. Haka abin yake da azumi in ka yi gudu kafin shan ruwa, ko daren da ba ka yi barci ba, ko ranar da mura take shirin kama ka. In damina ta sauka gari ya yi sanyi za ka ga lambar tana hawowa da kanta, kar ka ce motsa jikin satin nan ne ya yi abin mamaki.

Amma wurin da na fi so ka tsaya shi ne 185 ɗin nan, domin nan ne babbar ɓarakar take kuma mutane ba sa kula. Lissafin 220 a cire shekaru matsakaicin jama'a ne, ba naka ba ne. Mutane masu shekara ɗaya suna bambanta da bugu goma sama ko ƙasa cikin sauƙi, wasu ma har ashirin, kuma wannan halitta ce kamar tsawo, ba alamar ƙarfi ko rauni ba ce. Akwai wani lissafin na Tanaka na 2001, 208 a cire 0.7 sau shekaru, ya ɗan fi kyau ga manya amma shi ma warwatsuwar tana nan. To ɗauka ainihin iyakarka 195 ce. Tazarar ta zama 135, 90 a ciki kashi 67 ne, amsar ta koma 53 da rabi. In kuma 175 ce, tazarar 115, kashi 78, amsar 46. Mutum ɗaya, gudu ɗaya, bugu ɗaya, amma daga 46 zuwa kusan 54, ya danganta kawai da wata lamba da agogo ya kintata ranar da ka ciro shi daga kwali.

Ina kyautata zaton nan labarin abokinka yake. In shi zuciyarsa irin mai ƙaramar iyaka ce, a ce 172, agogo kuma ya ɗauka 185, to duk gudun da ya yi agogo zai ga kamar da sauransa da yawa, alhali shi ya kusa ƙurewa, sai ya ba shi maki sama da haƙƙinsa. Kai kuma in taka mai babbar iyaka ce an danne maka. Ko da ma an ce lambobin biyu gaskiya ne, tseren kilomita biyar ba VO2 max kaɗai yake ci ba, akwai kashi nawa na wannan ƙarfin mutum zai iya riƙewa na minti ashirin da wani abu ba tare da ƙafa ta yi nauyi ba, wannan kuwa horo ne, mai 50 da ke riƙe kashi 90 yana da 45 a hannu, mai 54 da ke riƙe kashi 80 yana da 43. Kuma in agogunanku ba kamfani ɗaya ba ne to ma ku bar gardamar, kowane kamfani da lissafinsa. Layin ƙarshe ya riga ya raba ku.

Akwai kuma wani kintacen da ke ɓoye cikin 0.2 ɗin can. Lissafin ya ɗauka kowa kuɗi ɗaya yake biya a kan sauri ɗaya, ba haka ba ne, wani gudunsa sumul ba ɓarna, wani yana tsalle yana jefa hannu, bambancin kashi goma tsakanin mutum biyu ba abin mamaki ba ne. Wanda gudunsa ba ya cin mai, a ce 30 yake biya maimakon 33.4, ainihin VO2 max ɗinsa a misalinmu wajen 45 ne amma agogo zai ce 50. Ni wannan kuskuren bai dame ni ba sosai, don abin da agogo yake aunawa a gaskiya shi ne sauri nawa kake samu a kan kowane bugun zuciya, wannan kuwa shi mai gudu yake buƙata, sunan ne kawai aka ara daga ɗakin bincike. Sai dai ka tuna duk abin da ya ƙara kuɗin gudun ba tare da agogo ya sani ba zai rage maka maki, rairayi, iska mai tura ka baya, hanya mai ramuka, jaka a baya.

Sai na'urorin kansu. GPS in ya ƙara maka kashi uku a nisa, maki ɗaya da ɗan kai ne, ba wani abu ba, kuma yana gyaruwa a gudu na gaba. Wanda ya fi ɓarna shi ne koren hasken da ke bayan agogon, wanda yake haska fata yana karanta yadda jini ke cika yana raguwa. In agogon ya yi sako-sako yana karkaɗawa, sai ya rikita takun ƙafarka da bugun zuciya, tunda duka biyun a wajen 150 zuwa 180 suke a minti. Yadda za ka gane, buɗe zanen bugun bayan gudu ka kwatanta da na taku, in ka ga bugun ya yi tsalle farat ɗaya daga 140 zuwa 170 ya maƙale a nan daidai da takunka, alhali kai kana hira da na kusa da kai ba haki, to ba zuciyarka ba ce. Saka 170 a lissafinmu ka gani, 41 zai ba ka. Abin haushin ma, agogon da ke gano iyakar bugu da kansa yana iya ɗaukar irin wannan tsallen ƙarya ya ce ai sabuwar iyakarka 200 ce, daga nan kuma ya dinga zuga ka da maki. Ɗaure shi da kyau, ka matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, in da hali kuma ka sayi bel ɗin ƙirji, shi wutar zuciyar yake karantawa kai tsaye kuma ya fi hasken nan nesa ba kusa ba.

To a yarda da ita har ina? Su Firstbeat sun ce matsakaicin kuskurensu wajen kashi 5 ne a gudu, wato maki biyu da rabi ga mai 50, amma wannan matsakaici ne kuma mai kaya ne yake faɗa. Wani nazari na 2022 da ya tattara binciken da aka yi ana kwatanta agoguna da gwajin takunkumi ya samu cewa masu lissafi daga motsa jiki, in an haɗa mutane da yawa, kusan daidai suke faɗa, amma ga mutum ɗaya tazarar tana iya kai wa kusan maki goma sama ko ƙasa. Masu kintata daga kwance, wato gwajin da za ka kwanta minti biyar ya ba ka lamba, sun fi haka warwatsewa kuma suna yawan ƙara wa mutum. Ni yadda nake gaya wa waɗanda nake horarwa, in agogo ya ce 50 ka karanta shi a matsayin wani wuri tsakanin 45 da 55. Ya isa ya raba ka da mai 35, ya raba ka da mai 65, bai isa ya raba ka da mai 54 ba. Kuma yana da halin jan kowa zuwa tsakiya, ƙwararrun 'yan gudu sukan ga ya rage musu.

Inda yake da amfani na gaske shi ne kai da kanka, domin kuskuren iyakar bugu da na salon gudu ba sa canzawa daga sati zuwa sati, suna nan yadda suke, saboda haka in lambar ta tashi daga 47 zuwa 50 cikin wata uku a yanayi iri ɗaya da hanya iri ɗaya, wannan hawan gaskiya ne ko da 47 ɗin da 50 ɗin duk ba daidai ba ne. Maki ɗaya sama ko ƙasa a sati kuwa hayaniya ce, kar ma ka kalla. Kwatanta Janairu da Janairu, Afrilu da Afrilu. Mutum in ya rage ƙiba ma lambar tana hawa, kuma wannan ba ƙarya ba ce tunda da kilo ake rabawa.

Abu biyu nake so ka yi. Na farko, shiga saitin agogon ka duba abin da aka rubuta a iyakar bugun zuciya, sannan ka duba tarihin tserenka na kilomita biyar, bugu mafi girma da ka kai a mita ɗari biyun ƙarshe lokacin da kake tsere wa abokin nan naka, wanda ya hau a hankali ba tsalle ba. Ainihin iyakarka tana nan ko sama da shi da bugu biyu zuwa biyar. In ka taɓa ganin 192 na gaskiya agogo kuma yana kan 185, ai ka kama shi, gyara da hannunka, sannan ka ba shi gudu uku ko huɗu a waje a hanya miƙaƙƙiya, kowanne ya wuce minti goma kuma bugun ya haura kashi 70 na iyakar, kafin ka sake duba lambar. Na biyu, gwada shi da abin da ba ruwansa da bugun zuciya, wato gwajin Cooper na 1968. Ka je filin da ke da zagayen mita 400 da sanyin safiya, ka ɗumama jiki, ka yi gudu iya ƙarfinka na minti 12 cif, ka ƙirga mita nawa ka ci:

```
VO2max = (mita - 504.9) / 44.73
```

Zagaye shida, mita 2,400, zai ba ka 42. Zagaye bakwai, 2,800, zai ba ka 51. Shi ma kintace ne, kuma wanda bai iya raba ƙarfinsa ba ya fita da wuta ya mutu a minti na biyar zai samu ƙasa da haƙƙinsa, amma in shi da agogo suka faɗa kusa da juna to ka samu shaida biyu da ba su haɗa baki ba. Wanda ke da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ya taɓa jin ƙirji ya ɗaure ko jiri a gudu, kar ya yi wannan sai likita ya duba shi. Mai shan irin su atenolol ko propranolol kuwa, maganin yana danne bugun ne gaba ɗaya, agogo zai ga bugu ƙasa ya zuba masa maki na banza sai dai in agogon yana da wurin da ake faɗa masa ana shan maganin.

Akwai faɗuwa ɗaya da ba na so a ɗora wa zafi. In lambar ta ci gaba da gangarowa sati bayan sati ko da gari ya yi sanyi, bugunka na hutu ya tashi daga 60 zuwa wajen 70 ya zauna, gudun da kake yi kana hira yanzu yana sa ka haki, to wannan karon wataƙila agogon gaskiya yake faɗa. Abin da na fi gani a nan shi ne ƙarancin jini, musamman bayan zazzaɓin maleriya, domin jinin da ya ragu ba ya ɗaukar oksijin kamar da, zuciya sai ta ƙara bugu ta cike, kuma wannan ainihin VO2 max ɗin yake ragewa ba lissafi kaɗai ba. Nan ba saitin agogo za ka taɓa ba, asibiti za ka je a duba maka PCV, wato gwajin yawan jini, ka kuma sassauta gudun har sakamakon ya fito.